Nas ta ce in sha, takardar cikin kwali ta ce kada mai ciki ta sha

Assalamu alaikum Anti. Ina da ciki wata biyu da 'yan kwanaki, kuma har yanzu ina shayar da 'yata mai wata 16. Zazzaɓi ya kwantar da ni, aka gwada jinina a asibitin unguwarmu aka ce maleriya ce, nas ta ba ni maganin nan mai ƙwaya 24 da ake sha huɗu-huɗu. Na sha sau biyu, sai maigida ya karanta takardar da ke cikin kwalin, ya ce an rubuta kada mai ciki ta sha a wata ukun farko, mai shayarwa ma kada ta sha. Na ajiye shi tun shekaranjiya. Yanzu maganin ciwon jiki nake sha wanda mai kemis ya ƙirgo mini a leda, da wani na gargajiya a kwalba da Hajiyarsa ta kawo. Shin na riga na cutar da cikin? In yaye yarinyar ne? Maganar wa zan ɗauka?

Maman Ilham, Tudun Wada, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sauke ki lafiya.

Kafin ki gama karanta wannan amsa, ki sa a ranki cewa yau za ki koma asibiti, ba gobe ba. Ki tafi da kwalin, da takardar, da ledar mai kemis, da kwalbar Hajiya. Maganin da aka ba ki, atemita da lumefantirin ne a haɗe, kuma sau shida ake shan sa cikin kwana uku. Sha biyu na farko sukan karya zazzaɓin har mutum ya ji ya warke, amma ragowar ƙwayoyin cutar suna nan cikin jini, sha huɗun da kika bari su ne ke share su. Ki gaya wa ma'aikacin lafiya ainihin ranar da kika sha na ƙarshe, shi zai ce ko a sake sabon kwali daga farko. Kada ki ɗora daga inda kika tsaya bisa lissafin kanki. In kuwa kina amai har ba abin da ke zama a cikinki, ko idanunki sun yi ɗorawa, ko fitsari ya yi baƙi, ko numfashi na yi miki wuya, ko kanki na juyawa har ba ki gane mutane sosai, ko kin ga jini, to wannan ya wuce ƙwaya. A wuce da ke babban asibiti kai tsaye, ga na Yusuf Ɗantsoho nan kusa da ku, ga kuma Barau Dikko.

Maigidanki bai yi laifi ba da ya karanta takardar. Da dukan maza za su riƙa buɗe ta, da an huta da abubuwa da yawa. Abin da ya rage masa shi ne sanin irin rubutun da ke gabansa, domin gargaɗin da ake bugawa a kan masu ciki ba nauyi ɗaya ne da su ba, ko da yake duk da kalmar "kada" suke zuwa.

Abin yana da asali. Tsakanin 1957 da 1961 an sayar da wani magani mai suna talidomaid a Jamus da Birtaniya da wasu ƙasashe, ana ba masu ciki don barci da tashin zuciyar laulayi. Kafin a farga, an haifi jarirai fiye da 10,000 da gajerun hannuwa da ƙafafu, ko babu su gaba ɗaya. Tun daga nan aka riƙa ware masu ciki daga gwajin sabbin magunguna. Niyyar mai kyau ce, sai dai ta haifar da wani abu: magani yana fitowa kasuwa an gwada shi a kan maza da matan da ba su da ciki, amma ba wanda ya gwada shi a kan mace irinki. To me kamfani zai rubuta? Ba shi da hujjar cewa yana cutarwa, ba shi da hujjar cewa ba ya cutarwa, kuma ba ya son a kai shi kotu. Sai ya rubuta cewa ba a tabbatar da amincinsa ga masu ciki ba, ko a sha shi kawai idan amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa, ko a tuntuɓi likita. Irin wannan jimla ita ce ta fi yawa a takardun magani, kuma abin da take faɗa shi ne kamfanin bai gwada ba. Ba ta ce an ga wani jariri da ya nakasa ba.

Akwai wani gargaɗin da ya ɗara wannan nauyi, kuma maganinki cikinsa yake. Shi ne wanda ya samo tushe daga dabbobi. An ba ɓeraye da zomaye da birai masu ciki magungunan dangin atimisinin, wato dangin da atemita ya fito, a farkon ciki, sai aka ga ciki yana zubewa, wasu 'ya'yan ɓerayen kuma suna fitowa da tawaya. Wannan ba abin wasa ba ne, shi ya sa shekara da shekaru Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa a ajiye shi a wata ukun farko, a ba mace kwinin haɗe da kilindamaisin na kwana bakwai. Duk wadda ta taɓa shan kwinin ta san halinsa: ɗaci, kunne ya riƙa ƙara, jiri, sikarin jini ya faɗi, ga shi sau uku a rana har mako guda. Mai laulayi kuwa, da wuya ta kai ƙarshensa.

A cikin waɗannan shekarun, mata da yawa a Afirka da Asiya sun sha maganin a farkon ciki ba tare da sun san suna da cikin ba. Masu bincike suka bi su har suka haihu. Da aka tattara sakamakon ciki sama da 700 da suka gamu da dangin atimisinin a wata ukun farko, aka kwatanta da waɗanda aka yi wa magani da wasu magungunan, ba a ga ƙarin ɓari ba, ba a ga ƙarin haihuwar ɗa babu rai ba, ba a ga ƙarin nakasa ba. Waɗanda suka sha irin naki ma sun fi masu kwinin samun ƙarshe mai kyau. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta, ta ce atemita da lumefantirin shi ne zaɓin farko ga mai ciki da ta kamu da maleriyar da ba ta tsananta ba, har a wata ukun farko. Kenan nas ɗinki a kan sani ta ba ki.

To me ya sa takardar ba ta faɗi haka ba? Domin takardar cikin kwali ba jarida ba ce da ake sabuntawa kullum. Kamfani ne ke rubuta ta, hukuma ta amince da ita lokacin rajista, kuma sauya ko da jimla ɗaya sai an sake shigar da takardu. Kamfanoni da dama da ke yin irin wannan magani kwafar rubutun kamfanin farko suke yi, su yi ta buga shi shekaru. Ki ce wa Abban Ilham ya duba can ƙasan takardar, inda rubutu ya fi ƙanƙanta. Yawancinsu suna ɗauke da wata da shekarar da aka sabunta rubutun, wanda daban yake da ranar da aka yi maganin ko ranar lalacewarsa da ke jikin kwali. Ba zan yi mamaki ba idan ya ga shekarar ta gabaci 2022. Ko ma ta biyo baya, yana yiwuwa tsohuwar jimlar ce aka bari.

Sai dai ki lura, wannan sassaucin na wannan haɗin ne. Ba kowane maganin maleriya da ke kan kantar kemis ya shiga ciki ba. Fansida, misali, ba a ba mai ciki shi a wata ukun farko, haka duk wani haɗin da ke ɗauke da shi. Saboda haka kada maganata ta zama "Anti ta ce duk maganin maleriya lafiya lau ne."

Yanzu ga gargaɗin da ba a ja da shi. Za ki gane shi da cewa ba ya kwana-kwana: yana faɗin sunan illar, yana faɗin lokacin cikin da take faruwa, kuma a jikin mutane aka gan ta. Maganin farfaɗiya mai suna balfurowet, kusan jarirai 10 cikin 100 da uwayensu suka sha shi da ciki ana haifar su da tawaya, wasu da yawa kuma suna samun jinkirin magana da koyo. Magungunan hawan jini irin su lisinofiril da losatan suna lalata ƙodar ɗan tayi daga wata na huɗu zuwa sama, shi ya sa ake mayar da mai ciki kan metildofa ko nifedifin ko labetalol. Tetirasaikilin, jan kafson nan da baƙi ko rawaya da ake saya barkatai don gudawa, yana ɓata haƙoran yaro idan an sha shi bayan tsakiyar ciki. A nan takarda gaskiya ta faɗa, kuma ba wani sabon bincike da ya wanke su. Amma ko a nan, mai farfaɗiya ko mai hawan jini ba ta ajiye maganinta da kanta don ta karanta takarda. Zuwa take yi a sauya mata wani, domin jijjiga ɗaya na iya tafiya da uwa da ɗa.

Wannan ya kawo ni kan abin da babu takardar da ke rubuta shi, kuma shi ne ya fi damuna a wasiƙarki. Takarda tana lissafa abin da maganin zai iya yi. Ba ta lissafa abin da cutar za ta yi idan an bar ta. Maleriya a farkon ciki tana jawo ɓari, zazzaɓi mai zafi shi kansa ba ya yi wa ɗan tayi kyau a makonnin da ake halittar gaɓoɓinsa, ga ƙarancin jini ga uwa, sannan ciki yana rage wa mace garkuwar da ta tara tun ƙuruciya, ta yadda maleriyar da a da za ta kwantar da ke kwana biyu yanzu tana iya tsananta. Da kika ajiye kwalin, ba ki koma wurin da babu haɗari ba. An gudu wa gara ne, an nufi gidan zago.

Game da ko sha biyun nan sun cutar da cikin, abin da aka gani a wajen matan da na ambata ya isa ya kwantar miki da hankali. Ba zan yi miki alkawarin da ba mai iya yi ba. Ko macen da ba ta taɓa haɗiyar ƙwaya ɗaya ba, a cikin haihuwa 100 kusan 3 suna zuwa da wata tawaya, kuma tsakanin ciki 10 zuwa 20 cikin 100 da aka san da su suna zubewa, galibi a watannin farko. Tambayar da ake yi wa kowane magani ita ce ko ya ƙara wani abu a kan wannan, kuma naki ba a ga ya ƙara ba. Na faɗi alƙaluman ne kuma saboda gidajenmu na san su. In Allah ya ƙaddara wani abu, kada a zaunar da ke a ce ke kika jawo da maganin asibiti.

Batun nono ya fi sauƙi. Ciki da shayarwa ana haɗa su a layi ɗaya a takarda, har mutum ya ɗauka hukuncinsu ɗaya ne, alhali hanyoyi biyu ne daban. Ɗan tayi yana samun magani ta mabiyiya, daga jininki, a lokacin da ake ƙera zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa. Mai shan nono kuwa ɗan abin da ya tsallaka cikin ruwan nono kawai take samu, sai ya bi ta cikinta kafin ya kai jininta, hantarta da ƙodarta kuma suna aiki. A yawancin magunguna abin da ke isa ga yaro bai kai kashi 10 cikin 100 na rabon uwa ba, bayan an daidaita da nauyin jikinsu. Ki dubi lissafin Ilham. A wata 16 nauyinta zai kai kilo 9 ko 10. Da ita ce ta kamu da maleriya yau, wannan maganin dai za a ba ta kai tsaye a baki, ƙwaya ɗaya sau shida, domin ana ba yara shi tun daga kilo 5. Yaya za a ce ɗan ɓurɓushin da ke cikin nono ya fi ƙarfin yarinyar da aka yarda ta haɗiye ƙwayar sukutum? Taka-tsantsan ɗin da takardar ke nufi ya fi dacewa da jinjiri sabon haihuwa, ko bakwaini, ko wanda bai kai kilo 5 ba, kuma ko su ba a hana uwa magani, sa ido ake yi. Maleriyar kanta ba ta bin nono. Saboda haka kada ki yaye ta don wannan kwali. In kina da wani dalilin yaye, ko kin ga ƙarfinki bai ɗaukar ciki da goyo, wannan magana ce daban da za ki yi da ungozoma a wajen awo, a tsanake, ba yayen dare ɗaya ba.

Inda ya kamata mai shayarwa ta ji tsoro na gaske shi ne kodin da taramol. Wasu mata jikinsu yana mayar da kodin zuwa mofin da sauri fiye da kima, ya shiga nono, jariri ya yi ta barci, ya kasa kama nono, numfashinsa ya yi rauni. Ba ki da hanyar sanin ko ke kina cikinsu. Waɗannan biyun ki nisance su muddin kina shayarwa.

Sai ledar mai kemis da kwalbar Hajiya, waɗanda su ne suka fi ba ni tsoro fiye da kwalin da kika ajiye. Kin amince da su ne saboda ba su zo da gargaɗi ba, amma rashin takarda ba shaidar lafiya ba ce. Ƙwayoyin da ake ƙirgowa don ciwon jiki sau da yawa akwai ibufurofen ko dikilofenak a ciki, wani lokaci duka biyun. Abin sha'awa, ibufurofen yana cikin waɗanda suka fi dacewa da mai shayarwa, domin kaɗan ƙwarai ke shiga nono, amma ga mai ciki ba haka ba ne. Daga mako na 20 yana iya rage aikin ƙodar ɗa har ruwan da yake kwance a ciki ya ragu, daga wajen mako na 30 kuma yana iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa da bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Tsofaffin takardu wata ukun ƙarshe kawai suke ambata, gargaɗin mako na 20 a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta fitar da shi. Kin ga a nan takarda ta tsufa ta ɗaya ɓangaren: ta yi sassauci inda ilimi ya tsananta. 'Yan ƙwayoyin da kika sha a kwana biyun nan ba abin tayar da hankali ba ne, amma ki daina. Don zazzaɓi da ciwon jiki farasitamol ya ishe ki, ƙwaya biyu masu miligiram 500, tsakani awa shida, kada su wuce takwas a yini da dare, kuma na 'yan kwanakin da kike buƙata kawai.

Kwalbar kuwa, ko da kin ga lambar NAFDAC a jikinta, ki sa a karanta miki rubutun da ke gefe. Magungunan gargajiya da hukumar ta sa a jerinta ana buga musu jimlar da ke cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka rubuta ba. Lambar ba ta nufin an gwada shi a kan masu ciki. Wanda aka ɗura a gorar ruwa kuwa, ba wanda ya san abin da ke ciki sai mai haɗa shi. Na san mayar wa uwar miji da abin da ta kawo don ƙauna ba ƙaramin aiki ba ne. Ba ke za ki faɗa ba. Ɗanta ne zai ce, "Hajiya, asibiti sun ce kada a haɗa da komai sai ta gama nasu." Ba ƙarya ya yi ba, kuma ba wanda ya ji kunya.

Da za ku tafi tare da shi ma ya fi. Maimakon ya ce wa nas "an rubuta kada a sha," wanda sau da yawa amsarsa ita ce "to ku kuka san aikin ko mu," ya nuna mata layin da yatsa ya tambaya: wannan gargaɗin don ba a gwada ba ne, ko a dabbobi aka ga illa, ko a mutane? A wane watan ciki? In ba ta sha ba me zai faru? Akwai wani da ya fi shi aminci? In layi ya yi tsawo ba a samu sukunin amsa ba, ku tsaya wajen masanin harhaɗa magunguna na asibitin, wannan aikinsa ne. Wanda ya san abin da yake yi zai amsa cikin minti biyu. Ke kuma naki shi ne duk inda za a ba ki magani, ki fara da cewa kina da ciki na makonni kaza kuma kina shayarwa, kada ki jira a tambaye ki, kada kuma kunyar ƙaramin ciki ta sa ki yi shiru.

In an ba ki sabon kwali, sha na biyu yana zuwa awa takwas bayan na farko, sannan safe da yamma a kwana biyun da suka biyo. Ki sha shi da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, ko kunun gyaɗa in shi laulayi ya yarda da shi, domin lumefantirin ba ya shiga jini sosai a kan cikin da babu komai. In kika yi amai cikin awa ɗaya da sha, a maimaita wannan shan.

Ki kuma shirya, domin za ku sake karo da irin wannan takarda nan da 'yan makonni. Daga mako na 13 za a fara ba ki Fansida a wajen awo, ƙwaya uku a haɗiye a gaban nas, tsakani aƙalla wata guda, sau uku ko fiye kafin haihuwa, don kare ki da cikin daga maleriya. Takardarsa ita ma cike take da gargaɗin masu ciki. Abin da za ki kiyaye da shi shi ne lokacin farawar, sannan ki gaya musu in kina shan Seftirin ko kin taɓa yin borin jini da maganin salfa, domin a waɗannan halaye biyu ba a ba da shi.